Kiɗan karatun dare: yadda za ka zaɓe shi, ka jera shi, ka kuma gwada ko yana yi maka aiki

Ɗalibin da ke zaune a Unguwar Rogo ko Farin Gada, ko a ɗakunan kwanan ɗalibai na Naraguta, ya san daren Jos ba ya yin tsit sai can wajen ƙarfe ɗaya. Kafin nan akwai janaretan maƙwabta, da masu musun ƙwallo a baranda, da abokin ɗaki da ke hira a waya ƙasa-ƙasa yana ganin ba ya damun kowa. Shi ya sa yawanci ake toshe kunne da iyafis. Matsalar ita ce abin da ake sakawa a kunnen kan fi hayaniyar da aka gudu ɓarna.

Kiɗan karatu labule ne. Ba don ka kalle shi ake rataya shi ba, sai don ya tare maka abin da ke waje. Duk kiɗan da ya sa ka tsaya kana sauraronsa, komai daɗinsa, ya fita daga aikin da aka ɗauke shi. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suke tafiya.

Fara da duba irin karatun da ke gabanka

Lokacin da kake karatu a zuci, kana furta kalmomin a cikin kanka ko da leɓenka bai motsa ba. Haka idan aka faɗa maka lambar waya, maimaita ta kake yi a zuci har ka samu biro. Wannan ɗan wurin da ake riƙe magana na 'yan daƙiƙoƙi ƙarami ne, kuma duk maganar da ta shigo ta kunne tana faɗawa cikinsa ba tare da ta nemi izini ba. A 1976 wasu masu bincike biyu, Colle da Welsh, suka sa mutanen da ba sa jin Jamusanci su riƙe jerin baƙaƙe a ka alhali ana kunna musu magana da Jamusanci, aka kuma ce su yi watsi da ita. Duk da haka kurensu ya ƙaru. Daga baya, a 1989, Salamé da Baddeley suka gwada da kiɗa, suka samu cewa mai murya ya fi kiɗa zalla rikita irin wannan riƙon.

Abu biyu ya kamata ka ɗauka daga nan. Na farko, waƙar Indiya ko ta Koriya ba mafita ba ce idan hadda kake yi, domin rashin jin yaren bai hana muryar kutsawa. Inda take da ɗan sauƙi shi ne karatun fahimta, wanda a cikinsa maganar da kake gane ma'anarta ce ta fi janye hankali. Na biyu, rage ƙara ba ya magance murya. Waƙa mai baiti da aka yi ƙasa da ita sosai tana nan tana aikinta, muddin kana jin kalmomin.

Saboda haka kafin ka taɓa waya, tambayi kanka wane karatu za ka yi a daren. Idan hadda ce ta abin da ke da jeri, kamar sunayen jijiyoyin kai goma sha biyu, ko sassan doka, ko matakan wani lissafi da dole a bi su ɗaya bayan ɗaya, shiru ya fi komai, sai kuma sauti maras canzawa kamar na ruwan sama ko fanka. Idan karatun fahimta ne, littafi ko takardun lacca, kiɗa zalla mai tafiya a hankali zai yi. Idan kuwa aikin hannu ne, kwafar rubutu, zanen taswira, ko maimaita lissafin da ka riga ka iya, nan kana da sarari, har kiɗa mai ɗan ganga ba zai cuce ka ba.

Abin da ake saurara a kiɗa kafin a ɗauke shi

Kada ka yarda da sunan da aka rubuta a kan jerin kiɗa a manhaja. Mutane na lafta wa komai sunan kiɗan karatu. Kunna kowane ɗaya da rana, ka tsallaka zuwa tsakiyarsa da kusa da ƙarshe, ka duba waɗannan abubuwa.

Murya ita ce ta farko, kuma a kunnen Bahaushe ta fi faɗi fiye da yadda ake zato. Kalangu magana yake yi. Yana bin hawa da saukar sautin Hausa, kuma wanda ya tashi yana jin sa a biki ko wajen mahauta zai tsinci kansa yana fassara abin da makaɗin ke cewa ko bai yi niyya ba. Goge da kukuma ma sukan bi layin waƙar sawu da ƙafa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos kayan kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya, mai sauƙin sauti, amma wa zai ji shi bai jira abin da za a faɗa ba? Waƙoƙinsa na sauraro ne, a zauna a ba su kunne, ba na bayan littafi ba. Haka kuma kiɗan waƙar fim da aka cire wa murya: an cire ta daga wayar ne kawai, kanka zai mayar da ita baiti bayan baiti. Wannan shi ne tarkon da ɗalibai suka fi faɗawa, domin a ganinsu sun bi ƙa'ida.

Na biyu saurin bugu. Sa agogon waya, ka riƙa buga yatsa a tebur tare da kiɗan na daƙiƙa goma sha biyar, ka ninka abin da ka ƙirga sau huɗu. Idan ka samu 17, bugu 68 ke nan a minti. Tsakanin 60 da 80 shi nake ba da shawara don karatun fahimta. Ba wani sirri ne a lambar ba, illa dai abin da ya wuce haka yakan sa ƙafa motsi, wanda ya gaza kuma yakan kira barci. Wani bincike da Thompson da abokan aikinsa suka fitar a 2012 ya nuna cewa kiɗa mai sauri kuma mai ƙara shi ne ya fi rage fahimtar abin da ake karantawa.

Na uku, kuma a wurina shi ya fi saurin bugun muhimmanci, shi ne kiɗan ya zama ba ya ba-zata. Kunne an yi shi ne don ya lura da canji. Fanka na juyawa duk dare ba ka jin ta, amma da an ɗauke wuta ta tsaya sai ka ɗaga kai. Kiɗan da ke tafiya shiru-shiru sannan ya ɓarke da ƙaho da ganguna zai fizge ka daga shafi duk lokacin da ya yi haka. Da yawa daga kiɗan gargajiyar Turawa na babbar ƙungiya haka yake, shi ya sa ba kowane abin da aka ce na Mozart ko Beethoven ne ya dace ba. Maganar da ake yawo da ita cewa kiɗan Mozart na ƙara basira ta samo asali ne daga wani ƙaramin gwaji na 1993, inda ɗalibai suka saurara na minti goma kafin a ba su aikin hasashen siffofi, ba lokacin da suke karatu ba, kuma ɗan tasirin da aka gani bai wuce kwata na awa ba.

Ina za a samu

Ni da kora nake cewa a fara. Kayan kiɗan Mandinka ne mai tsirkiya 21, sautinsa na gangarowa a hankali, kuma kunnenmu bai ɗauke shi baƙo ba, amma bai san baitin da zai liƙa masa ba. Toumani Diabaté na Mali ya fitar da Kaira a 1988, kora ce ita kaɗai babu murya, sannan a 1999 shi da Ballaké Sissoko suka yi New Ancient Strings, kora biyu. Akwai wuraren da yatsun ke gudu, don haka a tace, kada a kwashe duka. Wanda ya fi son fiyano ya nemi Gymnopédies na Erik Satie, na 1888, guda uku ne gajeru masu tafiyar hawainiya, ko kiɗan Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou ta Habasha. Brian Eno kuwa ya yi Music for Airports a 1978 da niyyar a iya sauraronsa a kuma iya mantawa da shi. Waƙa ta farko a ciki ita ce ta fi dacewa, domin biyu na tsakiya suna da muryoyi, ko da yake ba kalmomi suke furtawa ba. Irin wannan murya mai jan "aaa" ita ce iyakar abin da zan yarda da shi a karatun fahimta.

A wurin bincike na manhajar da kake amfani da ita, kalmomin da ke kawo abin da ake so su ne `solo kora`, `slow piano`, `oud taqsim`, `ambient`, da `lofi no vocals`. Wannan na ƙarshe a yi hattara da shi: masu haɗa shi na son cusa guntun maganar fim ko muryar mace tana maimaita kalma biyu, kuma guda ɗaya irin wannan ya isa ya ɓata jeri. Busar sarewar Fulani ma tana yi idan an samu wadda aka ɗauka da kyau, ba tare da kaifin da ke soke kunne ba. Algaita da kakaki a bar wa fada.

Akwai ɗalibai da yawa da ba sa sauraron kiɗa saboda addini, kuma ba su rasa komai ba. `rain sounds` ko `brown noise`, wato ƙugi mai kauri maras canzawa, sun fi kowane kiɗa iya rufe hirar maƙwabta, tunda ba su da giɓin da magana za ta ratso. A zaɓi ruwan sama maras tsawa da kukan tsuntsaye. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne a mayar da karatun Alƙur'ani abin rufe hayaniya. Aya ta 204 a Suratul A'araf ta ce idan ana karanta shi a saurara a yi shiru, kuma ko ta fuskar karatun boko, magana ce da kunne ya sani, harshe zai bi ta. Haka waƙoƙin coci ga ɗalibi Kirista da ya haddace su tun yana yaro. A ba su lokacinsu daban, kafin a buɗe littafi ko bayan an rufe.

Jera shi ya zama agogo

Haɗa jeri ɗaya mai tsawon minti hamsin, kada ya wuce. Sa wanda ya fi ɗan motsi a farko, lokacin da jiki ke gardamar zama, sannan sauran su biyo a natse. Kashe Shuffle, kashe Repeat, kashe Autoplay. Dalilin kashe na farko shi ne kunne ya saba da jerin har ya daina jiran abin da zai zo. Bayan mako guda za ka ga ba ka ma lura da sauyawar waƙa. Dalilin kashe sauran biyun kuma shi ne shirun da zai biyo baya ya zama ƙararrawarka. Kiɗa ya tsaya, ka cire iyafis, ka miƙe, ka sha ruwa, minti goma, ba tare da ka leƙa agogo ko sau ɗaya ba a cikin hamsin ɗin.

Sauke jerin a waya da rana. Kiɗa mai ingancin kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit ɗaya a minti, wato kimanin 58 a awa. Awa biyu kullum na wata guda ya kai gigabayit uku da rabi idan kai tsaye kake ji, alhali saukewa sau ɗaya ba ta kai megabayit sittin ba. Bidiyo ya ninka haka, ya kuma cinye batir a daren da ba wuta. Amma kuɗin data ba shi ne babban dalili ba. Manhajojin kyauta na sako talla a tsakiya, muryar mutum mai ƙarfi tana tallan bashi ko caca, kuma wayar da datarta ke buɗe ita ce wadda saƙo zai shigo. Da jerin ya sauka, sa Airplane mode, ka kife wayar nesa da hannu.

Sai ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa arba'in a mako ba tare da haɗari ba, amma a desibel 90 awa huɗu ce kacal a mako. Hirar mutum biyu kan kai wajen 60, kuma kiɗan karatu bai kamata ya wuce nan ba. Ba ka buƙatar na'urar awo: idan wanda ke nesa da kai da kamu ɗaya ya yi magana da muryarsa ta kullum ba ka ji ba, ka yi sama da yawa. Kuskuren da ake yi shi ne gasa da janareta. Idan hayaniya ta yi yawa, maganin shi ne iyafis mai robar da ke toshe ramin kunne sosai, ko ka sauya wurin zama, ba ƙara sauti ba. Ƙugi a kunne bayan ka cire, ko jin kamar an cusa maka auduga, alama ce cewa ka zarce.

Mu bi dare ɗaya

A ce ɗaliba ce a aji biyu tana karanta ilimin jikin ɗan Adam, jarrabawa saura mako biyu, a watan Janairu da hunturun Jos ke kan ganiyarsa. Ɗakinsu mutum huɗu, biyu na hira har sha ɗaya. Tana da babi ɗaya na karantawa a kan zuciya, da sunayen da za ta haddace a jere, da zane biyu.

Tsarin da ya dace da ita shi ne ta bi hayaniyar ɗakin. Daga tara da rabi zuwa goma da minti ashirin, lokacin da hira ta fi zafi, ta yi zanen, da jerin kora a kunne. Bayan hutu, daga goma da rabi, ta karanta babin da jerin fiyano, ko ta maimaita na korar. Hadda ta bari sai sha ɗaya da rabi, lokacin da ɗaki ya yi shiru, ta yi ta ba kiɗa, ko da sautin ruwa ƙasa-ƙasa idan janareta bai mutu ba. Yawancin ɗalibai akasin haka suke yi: su fara da hadda a cikin hayaniya saboda ita suka fi tsoro, su ƙare da zane a cikin shirun da ya fi tsada.

Ta yaya za ta san kiɗan na yi mata aiki? Ba da jin daɗi ba, domin mutum kan ji kamar yana ganewa sosai da waƙar da yake so alhali abin da ya zauna kaɗan ne. Gwajin mai sauƙi ne. Ta ɗauki shafi biyu daga babi ɗaya masu kama da juna a wahala. Ta karanta na farko minti goma da kiɗa, ta rufe littafi, ta rubuta duk abin da ta tuna a minti biyar. Ta karanta na biyu haka nan ba kiɗa, a wuri ɗaya da hayaniya ɗaya. Sannan ta buɗe ta ƙirga batutuwan da ta kawo daidai a kowanne. Washegari ta juya, ta fara da maras kiɗa, don kada gajiya ta riƙa faɗawa gefe ɗaya. A ce a dare huɗu ta samu 9, 8, 10, 9 da kiɗa, ba kiɗa kuma 7, 8, 7, 6: kiɗan na biyan kuɗinsa a wannan ɗakin. Idan lambobin sun yi kusa da juna, ta ci gaba da shi in yana taimaka mata zama. Idan na shiru ya fi, ta haƙura, ta sayi abin toshe kunne na soso a kemis. A ɗakin karatu mai tsit sau da yawa shiru ne ke cin gasar, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, tunda babu abin da za a tare.

A cikin karatun ma ta ajiye 'yar takarda a gefe. Duk lokacin da ta kama kanta tana bin kiɗan da kai, ko tana son duba sunansa, ta yi ɗigo. Waƙar da ta jawo ɗigo dare biyu a jere ta fita daga jeri, kuma yawanci ita ce wadda ta fi so.

Idan barci ya zo

Ga inda dare ya bambanta da rana. Kiɗan da ke natsar da kai da ƙarfe huɗu na yamma zai iya kwantar da kai da sha biyun dare, balle a Jos da sanyi ke tura mutum cikin bargo. Bargo da katifa da fiyano mai sanyi, wannan ba karatu ba ne, shirin kwanciya ne. Zauna a kujera, sa rigar sanyi da safa da hula, ka haska fitila sosai a kan littafin. Idan ido ya fara nauyi, gwada sauya zuwa kiɗa mai ɗan ganga mai bugu 80 zuwa 90 na zango ɗaya, ka koma aikin hannu. Idan kuma ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba, babu kiɗan da zai gyara wannan. Barci ne ke daddale abin da aka karanta, kuma awa ɗaya da ka ƙwata da ƙarfi a wannan hali asararta ta fi ribarta.

Kada ka yi barci da jerin karatunka. Idan kana son sauti lokacin kwanciya, ware masa nasa daban, don kada kanka ya haɗa korar karatu da matashi. Ka kuma bar minti ashirin ko talatin na shiru tsakanin rufe littafi da kwanciya. Wani bincike da Michael Scullin ya jagoranta a Jami'ar Baylor a 2021 ya gano cewa waƙar da ke maƙalewa a ka tana rage ingancin barci, kuma waɗanda aka kunna wa sanannun waƙoƙi da aka cire wa murya sun fi fama da maƙalewar fiye da waɗanda suka ji su da muryarsu. Dalili na biyu ke nan na guje wa irin wannan kiɗa.

Wanda ya yi karatunsa a aji ko ɗakin lacca kuma, ya cire iyafis ɗin duka biyu ya sa a aljihu kafin ya kama hanyar komawa masauki, ya kuma nemi abokin tafiya. Idan a ɗaki kake kai kaɗai kuma kana jiran a ƙwanƙwasa ƙofa, kunne ɗaya ya isa, sai dai ka riƙa sauya shi a kowane hutu, kuma kada ka ƙara sauti don cike gurbin ɗayan.